Ribar Kan Turmi da Ribar Ƙarshen Wata

'Yar ƙanwata ta buɗe ɗan ƙaramin shagon atamfa a unguwarsu a Kano. Da wata ya cika sai ta zo min da murna ta ce, "Kawu, na ci ribar dubu tamanin." Na tambaye ta ina kuɗin suke. Ta yi shiru, ta buɗe jaka, ta duba waya, sannan ta ce ita ma abin da ke ɗaure mata kai ke nan. Ba wanda ya sace mata ko kwabo. Abin da ta kira riba ne bai kai ga zama nata ba tukuna. Muka zauna da biro da takarda, kuma lissafin da muka yi ne zan kawo a nan, na dai daidaita lambobin don su yi sauƙin bi.

Ta sari turmi 40 a Kantin Kwari, kowanne naira 10,000, tana sayarwa 12,000. A ganinta kowane turmi ya bar mata 2,000, sau arba'in, dubu tamanin ke nan. Gyara na farko a nan yake. Atamfa ba ta tako da ƙafarta daga Kwari zuwa shago ba. An biya ɗan dako, an biya mai adaidaita sahu, ita kanta ta biya kuɗin zuwa da dawowa, duka ya kama 8,000. Wannan kuɗi yana cikin kuɗin kaya, domin ba don shi ba kayan ba za su hau kanta ba. In aka raba shi kan turmi 40, kowanne ya ɗauki 200. Ashe turmi ya tsaya mata a 10,200, abin da ke kansa kuma 1,800 ne.

Wannan 1,800 ita ce ribar kan kaya, wato abin da ya rage in ka cire kuɗin da kayan suka tsaya maka daga kuɗin da ka sayar. Masu lissafi sukan auna ta da kuɗin ciniki: 1,800 cikin 12,000, kashi 15 cikin ɗari. Ma'anarsa, duk naira ɗari da mai saye ya miƙo, 85 ta kayan ce, dole ta koma Kwari ta sake zama atamfa. Sha biyar kaɗai ta tsaya a shago. A wata guda ta yi cinikin 480,000, kayan sun ci 408,000, saura 72,000. A lura, kayan da suka fita kawai ake lissafawa. Da turmi goma sun kwana a kanta, da sai mu cire su gefe, don har yanzu jari ne a zaune.

To, wannan 72,000 akwai masu jiran ta kafin ta iso hannun mai shago. Babban cikinsu shi ne haya, kuma shi aka fi mantawa da shi, saboda a shekara ake biya. Ta ba mai shago 240,000 tun kafin ta buɗe, sai ta ɗauka an wuce wurin. Amma kowane wata yana cin 20,000 daga ciki, kuma in ba ta ware ta tana ajiyewa ba, ranar da shekara ta zagayo daga jari za ta ciro. Yarinyar da ke tsare mata shago in ta tafi makaranta tana karɓar 15,000. Wuta da man janareto 6,000. Leda, katin waya da data na tallan kaya a WhatsApp 4,000. Kuɗin mai gadi, shara da na masu karɓar haraji 3,000. Jimla 48,000. Da muka cire daga 72,000 sai ya rage 24,000.

Wannan ita ce tsantsar riba, abin da ya saura bayan an sallami kowa. In aka auna ta da ciniki, naira biyar ce cikin kowace ɗari. Ita kaɗai ce za ta iya ci, ko ta zuba a adashi, ko ta ƙara a jari, ba tare da shagon ya rame ba. Ita kuwa a watan ta ɗebi abin da ya kai 50,000 don hidimar gida da gudummawar biki, tana ganin cikin dubu tamanin ɗinta take taɓawa. Dubu 26 daga ciki uwar kuɗi ce ta ci ba ta sani ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro ga sabon ɗan kasuwa shi ne ragi. Mai saye ya ce, "Haba Hajiya, a yi min alheri mana," sai a sauke masa 500. A kan kayan 12,000, ɗari biyar kamar ba komai ba ce. Amma Kwari ba ta rage miki ba, mai haya ma bai rage ba, don haka duk ragin daga ribarki yake fita. In ta yi wa kowane turmi haka, 20,000 ta tafi, tsantsar ribar wata ta dawo 4,000. Bashi ya fi wannan ciwo. Turmi ɗaya da wata ta ɗauka ta ce sai ƙarshen wata, ta kuma ɓace, ya tafi da 12,000, rabin abin da aka yi wata guda ana nema. Ban ce kada a yi ragi ba, ciniki ba ya tafiya sai da tayi da sallamawa. Sai dai a sa farashin farko da sanin za a taya, kuma mai kaya ta riƙe a ranta iyakar da ba za ta sauka ƙasa da ita ba.

Ribar kan kaya tana da nata amfanin, shi ya sa ba na son a raina ta. Da ita ake gane ko sari ya yi kyau, ko farashi ya yi daidai. Da ita kuma ake sanin yawan cinikin da zai riƙe shago. Kuɗin hidimar shago 48,000 ne ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Raba shi da 1,800, za ka samu kusan 27. Wato turmi 27 na farko a kowane wata na mai haya ne da mai gadi da sauransu, daga na 28 ne ta fara yi wa kanta aiki. Watan da ta sayar da 20 kawai, kowane turmi ya fita da ribarsa, amma shagon ya faɗi da 12,000. Haka mutum ke cin riba a kan kowane kaya, ya kuma yi asara a ƙarshen wata.

Akwai alamar da ke nuna ana cin jari tun kafin a buɗe littafi. Ciniki na tafiya, mutane na shiga suna fita, amma duk komawa sari sai an rage yawan kaya: wancan karon turmi 40, wannan karon 37, kanta na ƙara yin fili. Wani lokaci ma ba cin kuɗi ba ne, tashin farashi ne. In ta koma Kwari ta tarar turmi ya koma 10,500, tana bukatar ƙarin 20,000 kafin ta mayar da arba'in ɗinta, kuma daga cikin 24,000 ɗin nan za ta fito. Shi ya sa tsofaffin 'yan kasuwa ke kiran wanda suke sari a wurinsa su ji farashin yau kafin su yanke wa kayan da ke kanta kuɗi.

Kafin ta tashi muka ja layi uku a littafinta: abin da ya shigo, kuɗin kayan da suka fita, da hidimar shago, har ledar naira ɗari biyu. Muka yanka mata albashin 15,000 a wata, wanda shi ma zai shiga layi na uku, ta yadda in za ta kai gudummawar biki daga nan za ta ɗauka. Kuɗin haya kuma ta ce duk ranar Asabar za ta riƙa tura 5,000 wani asusu daban da ba ta riƙe katinsa a jaka.