Takobin Naɗi: Aikin da Gaggawa Ba Ta Taɓa Gamawa

Idan za a naɗa hakimi, ko an doshi hawan salla, kowa rawani da alkyabba yake kallo. Kaɗan ne ke tambayar inda takobin da ke rataye a kafaɗar mahayi ya fito. Alhali takobi tsohon kayan sarauta ne a ƙasar Hausa. A Katsina akwai Gajere, wanda tarihin baka ke dangantawa da Muhammadu Korau, a Daura kuma ana ajiye da takobin da ake cewa da shi Bayajida ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu. Da yawa daga cikin tsofaffin takubba ruwansu daga Turai ya ƙetaro Sahara, aka yi musu ƙota da kube a nan gida. Amma akwai waɗanda maƙeranmu ke bugawa tun daga ɗanyen ƙarfe, kuma labarin irin wannan aiki ne za mu bi.

Mu ɗauki wani dattijon maƙeri a ƙauye, wanda yawancin aikinsa fartanya ce da lauje da gatari. Wata rana ɗan'uwan wani da za a naɗa ya zo masa da buƙatar takobi, yana so a gama kafin kasuwa mai zuwa. Dattijon ya karɓi aikin amma ya ƙi karɓar wa'adin. Dalilinsa yana cikin ƙarfen kansa.

Kakanninsa tama suke narkawa. Shi kuwa sifirin ɗin tsohuwar mota yake nema wajen 'yan gwangwan, domin irin wannan ƙarfe yana karɓar tauri kuma yana lanƙwasa ya dawo. Matsalarsa ita ce ya sha shekaru yana ɗaukar kaya, don haka wani yana ɗauke da tsaga siririya da ido ba ya gani. Sai dattijon ya goge tsatsa, ya rataye ƙarfen ya ƙwanƙwasa. Mai lafiya yana ba da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take. Daga wanda ya zaɓa ya yanki wajen kilo ɗaya, tsawonsa bai kai rabin mita ba. Daga wannan guntu zai fitar da ruwan takobi mai tsawon kusan santimita 80, miƙaƙƙe, mai kaifi biyu. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfen zai tafi a ɓawon da ke zuba a wuta da garin da magagari zai ci.

Gawayin ƙirya yake so, saboda yana da nauyi kuma yana daɗewa yana ci. Jikansa na kan zuga-zugi. Hausawa na cewa da zafi-zafi ake bugun ƙarfe, kuma gaskiya ne, sai dai zafin ba ya jira. Wutar maƙera ba ta iya gasa fiye da taƙi ɗaya a lokaci guda, kuma da zarar an ɗora a kan uwar maƙera, bugun da za a samu bai fi na minti ɗaya ba kafin launin ya sauka. Ƙarfen yana buguwa da kyau idan yana tsakanin ja mai haske da ruwan ɗorawa, wato wajen digiri 900 zuwa 1,100. Idan ya koma ja mai duhu aka ci gaba da dukansa don a rage zagaye, yana tsagewa ta ciki. Idan kuma yaro ya matsa wa zuga-zugi har ƙarfen ya yi fari yana tartsatsi, ya ƙone, kuma wurin da ya ƙone sai dai a yanke. Saboda haka aikin kwanaki ne na gasawa, bugu, mayarwa wuta, taƙi bayan taƙi.

Fitar da kaifi ya fi miƙar da ƙarfen wuya. Duk gefen da masaba ta daka yana ƙara tsawo, sai ruwan takobin ya karkata zuwa ɗaya gefen kamar lauje. Maganin shi ne adalci: yawan bugun da aka yi wa dama shi za a yi wa hagu, abin da aka yi wa fuska a yi wa baya. Bayan kowane ɗan zagaye dattijon yakan ɗaga ƙarfen da awartaki, ya rufe ido ɗaya ya leƙa tsawonsa. Daga nan ya fitar da kwarin da ke bin tsakiyar ruwan, wanda ke rage nauyi ba tare da ya raunana takobin sosai ba. Kaifin kuma ba ya sirantar da shi tukuna, yakan bar masa kaurin wajen milimita ɗaya, domin siririn baki yana murɗewa ko ya tsage a matakin da ke tafe.

Kafin wannan matakin akwai wanda mai gaggawa ke tsallakewa. Ana gasa takobin ya yi ja, a bar shi ya huce a iska, a maimaita sau biyu ko uku. Mai kallo zai ga kamar ɓata gawayi ne. Amma wannan ne ke kwantar da wahalar da bugu ya bari a jikin ƙarfen, ya sa ba zai karkace ba idan an tsoma shi.

Ranar tsomawa dattijon yakan jira faɗuwar rana, domin a hasken rana ido yana ruɗuwa, ƙarfen da ya wuce ƙa'ida sai a gan shi kamar bai kai ba. Yakan haƙa dogon rami ya cika da garwashi, don takobin ya yi ja bai ɗaya daga ƙota zuwa tsini. Zafin da ake so ya ɗan haura digiri 800. Akwai alama mai sauƙi: a wajen digiri 770 mayen ƙarfe yana daina kama shi, don haka da ya daina, ɗan ƙari kaɗan ya rage. Sai a zare shi a tsoma a tsaye, tsini ƙasa, cikin dogon bututu mai cike da mai. Ruwa yana sanyaya irin wannan ƙarfe da sauri fiye da kima, sau da yawa sai a ji ƙas, aikin kwanaki ya tafi. A nan ne duk wani kuskuren baya ke fitowa: tsagar da ba a ji ba tun farko, bugun sanyi, gefen da ya fi ɗan'uwansa kauri.

Idan ya fito lafiya, ana gwada shi da magagari. In haƙoran suka zame ba su ci ba, tauri ya kama. Amma a wannan hali yana iya karyewa ko da faɗuwa ƙasa ya yi. Dole a goge shi ya yi fari, a riƙa wucewa da shi a hankali bisa garwashi ana kallon launi: ruwan kara ya fara bayyana, sai ƙasa-ƙasa, sai shuɗi a wajen digiri 300. Nan ake tsayawa. In an zarce ya yi laushi, sai a koma tsomawa daga farko. Gwajin ƙarshe shi ne a dafa tsinin a kan itace a lanƙwasa shi kaɗan. Takobin kirki yana komawa miƙe.

Saura wasawa da dutse da gogewa, sannan aikin ya bar hannun maƙerin baƙi. Maƙerin fari zai yi wa ƙota adon tagulla ko azurfa, baduku ya ɗinka kube, a ɗaura hamila.

Wani zai ce takobin ado ne, ba yaƙi za a je da shi ba, mene ne na wannan wahala? Kasuwa cike take da takubban da aka yanko daga falle aka wasa da inji, kuma daga nesa ba a bambancewa. Bambancin yana fitowa ne idan doki ya yi tutsu mahayi ya danne kuben: na falle ya lanƙwashe ya zauna a haka, wanda aka tsoma ba a sassauta ba ya karye. Wanda dattijon ya yi shi ne zai jure, har ɗan hakimin ya rataya shi ranar nasa naɗin. Shi ya sa tun ranar farko ya ƙi yanke wa kansa rana.