Hoton Takardar Sakamako da Lissafin da Ba Ya Iya Yi

Da yammacin 25 ga Fabrairu, 2023, bayan an gama ƙirga ƙuri'un zaɓen shugaban ƙasa, jami'in zaɓe a kowace rumfa ya cike wata takarda mai suna EC8A, wakilan jam'iyyu suka sa hannu. Tsarin hukumar zaɓe ta INEC shi ne a ɗauki hoton takardar da na'urar BVAS, a ɗora shi a rumbun IReV inda duk mai waya zai iya leƙawa. Mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar hotunan sun hau, sai kawai a latsa wani abu jimilla ta fito. Waɗanda suka gwada tattara sakamakon da kansu sun sha mamaki, don sun tarar da aikin kwafe lambobi ɗaya bayan ɗaya, daga rumfunan zaɓe sama da 176,000. Jam'iyyu 18 ne a takardar ƙuri'a, wato lambobi fiye da miliyan uku ke nan.

Dalilin wannan wahala yana cikin yadda ake gina jadawali.

Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar aji ya san jadawali ko da bai san sunayen sassansa ba. Akwai layin da ke kwance, daga hagu zuwa dama, wanda ke ɗauke da labarin abu guda: ɗalibi ɗaya, ko mai bashi ɗaya a littafin mai shago. A takardar EC8A, kowace jam'iyya tana da nata layin. Sai ginshiƙi, wanda ya taso daga sama zuwa ƙasa, shi kuma iri ɗaya na bayani yake ɗauka ga kowa da kowa. Ginshiƙi ɗaya sunayen jam'iyyu ne, na kusa da shi yawan ƙuri'u a lamba, na gaba yawan ƙuri'un a rubuce da kalmomi, sannan wurin sa hannun wakilai. Kalmar da aka rubuta a saman kowane ginshiƙi ita ce kansa, kuma ita ke ba lambobin da ke ƙarƙashinta ma'ana. In babu kai, 112 na iya zama ƙuri'u, ko naira, ko buhunan masara.

Inda layi da ginshiƙi suka gamu kuwa, nan ne gida, kamar ramin dara. Kowane gida abu ɗaya tak ya kamata ya riƙe. A manhajoji irin su Excel da Google Sheets, ana kiran ginshiƙai da baƙaƙe, A, B, C, layuka kuma da lambobi, saboda haka kowane gida na da adireshinsa. C2 shi ne gidan da ke ginshiƙi na uku, layi na biyu. Wannan adireshi shi ne sirrin abin. Da shi mutum ke ce wa kwamfuta ta haɗa gida kaza da gida kaza, ko ta jera rumfuna daga mai yawan ƙuri'u zuwa mai kaɗan.

Hoto ba shi da ko gida ɗaya. Abin da waya ta ajiye ɗigo-ɗigon launi ne. Kyamara mai megafiksel 12 tana jera kimanin ɗigo miliyan 12, kowanne da bayanin haskensa da launinsa kawai. Idon mutum ne ke haɗa ɗigon ya ce ga 112 a gaban jam'iyya kaza. A wurin kwamfuta, wannan lamba da zanen layin takardar da inuwar yatsan wanda ya danne ta duk abu ɗaya ne. Saka hoton cikin fayil ɗin PDF ma bai canza komai ba, an dai sauya masa riga ne.

To yaya ake mayar da hoto bayanan da za a yi aiki da su? A ɗauki misali na ƙirƙira, rumfa mai jam'iyyu uku don sauƙi. Mai tattarawa ba zai kwafi takardar yadda take ba, sai ya juya ta. Tunda rumfuna yake son kwatantawa, kowace rumfa za ta zama layi ɗaya, jam'iyyu su koma ginshiƙai. A fayil na CSV, inda waƙafi ke raba gida da gida, abin zai fito haka:

```
rumfa,jam_A,jam_B,jam_C,sahihai
001,112,87,41,240
```

Layin farko shi ne kai, na biyu rumfar. Ginshiƙin ƙarshe jimillar sahihan ƙuri'u ne kamar yadda jami'in ya rubuta a akwatin da ke saman takardar. Yanzu a gidan F2 ana iya rubuta `=SUM(B2:D2)-E2`. Idan sifili ya fito, lissafin rumfar ya yi daidai. Sai a ja wannan ƙa'ida ƙasa ta bi rumfuna dubu cikin ƙiftawar ido.

Akwai manhajojin da ke karanta rubutu daga hoto, fasahar da ake kira OCR, kuma Excel kansa yana da irin wannan a ƙarƙashin Data from Picture. Suna ƙoƙari a kan rubutun inji mai tsabta. Rubutun biro da aka yi a tsugune, da magariba, a kan takardar da ta lanƙwashe, wani abu ne daban. Ɗaya mai dogon baki sai ta zama bakwai, sifili ya zama harafin O. A misalin nan, in manhaja ta karanta 41 a matsayin 47, gidan F2 zai nuna 6 maimakon sifili, kuma nan take an san akwai abin dubawa. Sai a koma hoton a karanta ginshiƙin kalmomi. Dama amfaninsa ke nan, kamar yadda ake rubuta kuɗi sau biyu a cakin banki.

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne wanda wannan gwaji ba ya kamawa. Idan an ɗauki hoton a karkace, lambar jam'iyyar A na iya zamewa ta zo daidai da sunan jam'iyyar B. An karanta kowace lamba daidai, amma an zaunar da ita a gidan da ba nata ba. 87 da 112 sun yi musaya, jimilla tana nan 240, sifili ya fito, alhali wanda ya ci rumfar ya koma na biyu. Shi ya sa masu aikin shigar da bayanai da gaske suke sa mutum biyu su kwafi takarda ɗaya ba tare da ganin aikin juna ba, sannan kwamfuta ta fito da gidajen da suka saɓa.

Ko bayan an kwafa daidai, da sauran rina a kaba. Excel yana ɗaukar 001 a matsayin lambar lissafi, sai ya share sifilan gaba ya bar 1. Haka yake yi wa lambar waya mai farawa da 080. Maganinsa a mayar da ginshiƙin Text tun kafin a zuba komai, domin lambar rumfa suna ce, ba wanda zai tara ta. A ɗaya gefen kuma, wanda ya rubuta "112 ƙuri'a" a gida ɗaya ya mayar da lamba rubutu, kuma SUM zai tsallake gidan shiru, ba ko gargaɗi. Alamar da ake ganewa da ita mai sauƙi ce: in ba a sauya tsari ba, lamba tana jingina da gefen dama na gida, rubutu kuma da gefen hagu.

Sai kuma gidan da aka bari wayam. Jami'in na nufin jam'iyyar ba ta samu ko ƙuri'a ɗaya ba ne, ko mantawa ya yi, ko hasken fitila ne ya cinye tawadar a hoton? Mai kwafa da ya san aikinsa ba ya cusa sifili a nan. Yana barin gidan yadda ya same shi, ya buɗe wani ginshiƙi a can ƙarshe ya rubuta abin da ya gani, tare da sunan fayil ɗin hoton, don wanda zai duba bayansa ya iya komawa ga takardar.