Riba a Takarda, Kuɗi a Hannu: Yadda Ake Auna Lissafin Shekara na Kamfanin Saye da Sayarwa

Lissafin ƙarshen shekara na kamfanin saye da sayarwa yana tsaye ne a kan takardu biyu. Takardar riba da asara tana nuna cinikin da aka yi cikin wata goma sha biyu da abin da aka kashe. Takardar kadarori da basussuka kuwa tana nuna abin da kamfani ya mallaka da abin da ake binsa a ranar da aka rufe littafi. Adadi guda daga cikinsu ba ya faɗin komai shi kaɗai. Ribar naira miliyan 24 babba ce ga mai jarin miliyan 50, amma abin takaici ce ga mai jarin biliyan ɗaya. Shi ya sa akantoci ke raba wani adadi da wani don su fitar da ma'auni, kuma ma'aunan da suka fi amfani ga ɗan kasuwa su ne na riba da na ƙarfin biyan bashi.

A ɗauki misalin wani kamfani da ke sarar shinkafa da sukari da man girki a Kano, yana sayar wa masu shaguna. A shekarar da ake dubawa ya yi cinikin naira miliyan 600, kuma kayan da ya sayar ɗin ya saro su a kan miliyan 540. Bambancin miliyan 60 shi ne ribar farko. Idan aka raba 60 da 600, za a ga kashi 10 cikin ɗari ne, wato a kowace naira ɗari da ta shigo, naira goma ce ta kamfani kafin a biya wata ɗawainiya. A nan ake yawan tuntuɓe, domin wasu suna auna ribar da kuɗin sari, sai su sami kashi 11 da ɗan ɗoriya. Duk lissafin biyu daidai ne, amma ba a gwama na bana da aka auna da ciniki da na bara da aka auna da sari.

Daga ribar farko ake cire hayar sito, albashi, kuɗin mota da na dako, man janareta da kuɗin ruwan banki. A misalin nan sun kai miliyan 36, sai ya rage miliyan 24 kafin haraji, kashi 4 cikin ɗari na ciniki. Ƙaramar riba irin wannan ba aibi ba ce a harkar kayan masarufi, inda ake ci da yawan juyi. Abin lura shi ne inda take dosa. Idan bara ribar farko ta kai kashi 12, to maki biyun da suka zube daidai suke da miliyan 12, rabin ribar bana ke nan. Dalilin yakan kasance ɗaya cikin uku: kuɗin sari ya tashi ba a ƙara farashi ba, ko ana yawan ragi don a ja masu saye, ko kaya na zurarewa daga sito ta hanyar sata da lalacewa. Na ukun ba ya bayyana sai an ƙirga buhu da buhu.

Masu kamfani su ma suna da nasu ma'aunin. Jarinsu miliyan 120 ne, don haka ribar miliyan 24 kashi 20 ce cikin ɗari. A shekara irin ta 2024, da hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, wannan riba ba za ta iya mayar da adadin buhunan da aka sayar cikin sito ba.

Sai batun ƙarfin biyan bashi, inda kamfanoni masu riba ke durƙushewa. Ana haɗa dukiyar da ake sa ran za ta zama kuɗi cikin shekara guda: haja ta miliyan 90, bashin da kamfani ke bin masu shaguna miliyan 50, da kuɗi a banki da aljihun tebur miliyan 10, jimla miliyan 150. A ɗaya gefen, bashin da dole a biya cikin shekara miliyan 100 ne, miliyan 60 na masana'antun da ke ba da kaya, miliyan 40 rancen banki na gajeren lokaci. Idan aka raba 150 da 100 za a sami 1.5, ma'ana akwai naira ɗaya da rabi a bayan kowace nairar bashi. Tsofaffin littattafan koyar da akanta sun fi son a ga biyu, amma wannan ba doka ba ce, kuma mai sayar da kaya kuɗi hannu yana iya zama lafiya da ƙasa da haka.

Sai dai buhun shinkafa ba ya biyan bashi sai an sayar da shi. Saboda haka akwai ma'auni na biyu mai tsanani, wanda ke ajiye haja gefe. Abin da ya rage miliyan 60 ne a gaban bashin miliyan 100, wato 0.6. Ko da duk masu shaguna sun biya gobe da safe, kwabo sittin ne kawai ke akwai a kan kowace naira da ake bin kamfani. Tazarar da ke tsakanin 1.5 da 0.6 ita ce ke nuna yawancin dukiyar tana jibge a sito.

Don a gane ko wannan haɗari ne, sai a mayar da alƙaluman kwanaki. Ana raba hajar miliyan 90 da kuɗin sarin miliyan 540, a ninka da 365, sai a sami kwana 61. Tsawon zaman da buhu ke yi ke nan kafin ya fita. Idan cinikin miliyan 400 bashi aka bayar, irin wannan lissafi a kan miliyan 50 da ake bi yana ba da kwana 46. Masana'antu kuwa ana biyansu cikin kwana 41. Ke nan buhun da aka bayar bashi yana ɗaukar kwana 107 kafin kuɗinsa ya dawo, alhali an biya mai shi tun kwana 66 da suka wuce. Wannan giɓi ne rancen banki ke cikewa, kuma kuɗin ruwansa yana komawa ya ci daga kashi 4 ɗin nan. Idan irin wannan kamfani ya ƙara ciniki ta hanyar ƙara ba da bashi, ribarsa a takarda za ta ƙaru, asusunsa kuma ya ƙara bushewa, har ranar da masana'anta za ta ƙi loda masa mota.

Ma'aunan suna da iyaka. Takardar kadarori hoton rana ɗaya ce. Kamfanin da ya rufe littafi ana gab da azumi, lokacin da sito ke maƙare da sukari da shinkafa, zai nuna haja mai yawa da ba haka take ba a sauran watanni. Haka nan alƙaluman kansu suna iya ɗauke da ruɓaɓɓen abu. Ƙa'idar akanta ta ce a rubuta haja a kan kuɗin sarinta, ko a kan abin da za ta iya kawowa idan shi ne ya fi ƙasa, amma akan bar man girkin da wa'adinsa ya kusa ƙarewa a kan cikakken farashi. A cikin miliyan 50 da ake bi kuma akan tarar da bashin mai shagon da ya rufe tun bara. Mai bincike na gaske yakan nemi jerin masu bashi da ranar da kowa ya ɗauki kaya, ya ware duk wanda ya haura kwana 90. Idan waɗannan sun kai miliyan 15 kuma babu alamar za su biya, ma'aunin 0.6 ya sauko 0.45, ribar miliyan 24 kuma ta koma miliyan 9.