Zobe Guda, Takardun Ƙima Uku: Wacce Za a Bi?

A ɗauka cewa wata baiwar Allah ta rasu a birnin New York ta bar 'ya'ya mata biyu, cikin kayan da ta bari kuma akwai zoben zinariya mai ƙwayar lu'ulu'u. Da aka buɗe akwatinta sai aka tarar da takardar wani mai ƙiyasta kayan ado, wadda ta ce zoben ya kai dala 10,000. Da aka kai shi gidan gwanjo, ma'aikacin wurin ya duba ya rubuta dala 3,000 zuwa 4,000. Wani masani kuma da lauyan gado ya ɗauko ya ce dala 5,000. Waɗannan alkaluma na misali ne, amma irin wannan rata ba baƙon abu ba ne a cinikin lu'ulu'u. Babu maƙaryaci a cikin mutanen nan uku, domin kowannensu tambaya dabam aka yi masa.

Takardar da ke cikin akwati ta inshora ce. Tambayar da ta amsa ita ce: idan zoben ya ɓace yau, nawa za a kashe a sayo irinsa a kanti ba tare da dogon jira ba? Saboda haka a cikin dala 10,000 ɗin nan akwai ribar mai kanti, da kuɗin hayar kantinsa, da ladan maƙeri, sau da yawa har da harajin saye. Duk waɗannan kuɗi ne da mai saye yake biya, amma ba ya samun ko ɗaya daga cikinsu ranar da ya juyo zai sayar. Shi ya sa ƙimar inshora takan zarce sauran biyun, wani lokaci ninki biyu ko fiye.

Ƙiyasin gidan gwanjo kuwa hasashe ne na inda ake zaton tayi zai tsaya, kuma a lokaci guda talla ne. Masu gwanjo sun san cewa ƙaramin adadi a littafin kaya yana jawo masu taye da yawa, idan kuma masu taye suka yi yawa sai gasa ta ɗaga farashi. Babban adadi kuwa yakan kori mutane tun kafin su shigo zaure. Don haka sukan karkata ƙasa da gangan. Akwai kuma wani adadi na sirri tsakanin mai kaya da gidan gwanjo, watau mafi ƙarancin abin da zai yarda a sallama a kansa, kamar dai yadda mai saniya yake gaya wa dillali inda zai daina cewa albarka. A ƙa'idar manyan gidajen gwanjo wannan adadi ba ya wuce ƙaramin ƙiyasin da aka buga. Idan tayi bai kai shi ba, kaya ya koma wa mai shi, kuma masu saye sukan daɗe suna ɗari-ɗari da kayan da aka ga ya yi kwantai a bainar jama'a.

Abin da ya fi ruɗar da mutane shi ne ƙiyasin bai haɗa da la'ada ba. Tun 1975, lokacin da gidajen Christie's da Sotheby's suka fara karɓar kashi 10 cikin 100 daga hannun mai saye a Landan, farashin da aka buga guduma a kansa ya daina zama abin da mai saye yake biya. La'adar ta yi ta hawa tun daga nan, har ta kai wajen rubu'in farashi a kan ƙananan kaya. Ga yadda lissafin zoben zai kasance idan an buga guduma a dala 4,000. Mai saye zai ƙara kashi 25 cikin 100, ya biya dala 5,000. Mai kaya kuma za a cire masa tasa la'adar, a ce kashi 10, ya tashi da dala 3,600, kafin a cire kuɗin hoto da makamantansu. A ciniki guda an sami farashi uku ke nan. Ko a kan manyan kaya haka abin yake, sai dai kashin ya fi ƙanƙanta. A watan Nuwamba 2017 gidan Christie's na New York ya sayar da zanen Salvator Mundi, wanda aka jingina wa Leonardo da Vinci: an yi hasashen wajen dala miliyan 100, aka buga guduma a miliyan 400, mai saye ya biya miliyan 450.3.

To, ina dala 5,000 ta masanin lauya ta fito? Ita ce ƙimar adalci ta kasuwa. Dokar harajin Amurka ta fassara ta da cewa farashin da kaya zai sauya hannu a kansa tsakanin mai son saye da mai son sayarwa, ba wanda aka tilasta wa, kuma kowannensu ya san halin kayan gwargwadon hali. Sharaɗin rashin tilas yana da nauyi: abin da mai karɓar jingina zai ba wanda bashi ya shaƙe wa wuya ba ya shiga wannan lissafi. Masanin ba ya duba farashin da aka rataya a kanti, sai ya nemo cinikin da aka gama na zobba masu kama da wannan wajen nauyi da launi da tsabta da yanka, a kasuwar da aka saba sayar da irinsu bayan an yi amfani da su. Idan gwanjo ce kasuwar, hukumar harajin Amurka tana ɗaukar abin da mai saye ya biya duka, har da la'ada. Wannan ce ƙimar da ake nema wajen harajin gado da wajen kyautar sadaka. Wanda ya ba da kayan da ya wuce dala 5,000 yana neman sassaucin haraji, dole ya kawo takardar ƙwararren mai ƙiyasi.

Ɓarna tana zuwa ne idan aka ɗauki takarda ɗaya aka sa ta aikin wata. A ce 'yan'uwan nan biyu sun amince babbar ta riƙe zobe, ƙaramar ta karɓi tsabar kuɗi dala 10,000, bisa takardar akwati. A ido an yi daidai. Amma babbar ta karɓi abin da kasuwa ta sa wa dala 5,000, wanda in ta sayar dala 3,600 za ta gani. Da an bi ƙimar kasuwa, dukiyar duka dala 15,000 ce, rabon kowacce 7,500, watau ƙaramar za ta ƙara wa yayarta dala 2,500. Irin wannan kuskure ya isa ya ɓata zumunci, alhali ba wanda ya yi nufin cuta.

Kuskuren yana iya zuwa ta ɗaya gefen. Idan babbar ta yi wa zoben inshora a kan dala 4,000 ta gidan gwanjo don ta rage kuɗin shekara, ranar da ɓarawo ya ɗauke shi kamfani ba zai biya fiye da haka ba, kuma dala 4,000 ba za ta sayo ko rabin irinsa a kanti ba. Zuzuta ƙima ma ba ta da riba. Wasu kantuna sukan ba mai saye takardar da ta haura abin da ya biya nesa ba kusa ba, don ya ji ya yi sa'ar ciniki. Sai ya yi ta biyan kuɗin inshora a kan dala 15,000, ranar asara kuma kamfani ya sayo masa madadi ta hannun dillalansa a kan abin da bai kai haka ba, domin galibin yarjejeniyoyi alkawarin maye gurbi suka ɗauka. Sai fa idan an rubuta ƙarara cewa adadin da aka amince da shi za a biya, kuma irin wannan yarjejeniya ta fi tsada.

Ana gane takardar ƙima ta ƙwarai tun daga shafinta na farko. Takan faɗi dalilin da aka yi ta, da irin ƙimar da ta auna, da kasuwar da aka duba, da ranar da adadin ya dogara a kanta. A sha'anin gado yawanci ranar rasuwa ce, ba ranar da aka zauna rabo ba. Takardar inshora da ta shekara goma a akwati ba ta ma isa hujja ga inshorar kanta ba, tun da farashin zinariya da na lu'ulu'u ba sa tsayawa wuri guda. Ya kamata kuma a tambayi yadda aka biya mai ƙiyasin. Wanda ladansa kashi ne na adadin da ya rubuta yana da dalilin ɗagawa, wanda kuma yake son sayen kayan da kansa yana da dalilin ragewa. Saboda haka ƙa'idar sana'ar a Amurka ta hana ɗaura lada a kan adadin da aka samu, sai dai a biya bisa sa'o'in aiki ko a kan kuɗin da aka yanka tun farko.