Jadawalin da Ke Zana Kansa: Tsara Kwanakin Aiki da Fomula da Launi

Jadawalin Gantt hoto ne na aiki a kan lokaci. A gefen hagu ana jera ayyuka ɗaya ƙarƙashin ɗaya, a sama kuma ana jera kwanaki daga hagu zuwa dama, sannan kowane aiki ya samu zane mai launi a kwance wanda ya tashi daga ranar farawarsa ya tsaya a ranar gamawarsa. Sunan ya samo asali ne daga Henry Gantt, wani injiniya ɗan Amurka da ya yaɗa irin wannan jadawali a shekarun 1910, ko da yake Karol Adamiecki na ƙasar Poland ya riga shi ƙirƙiro makamancinsa tun 1896. A zamaninsu da hannu ake zanawa, don haka da zarar aiki ɗaya ya makara sai a goge a sake. A Excel ko Google Sheets ana iya gina jadawalin da ba a zana masa komai da hannu. Ana ba shi ranar farawa da yawan kwanakin kowane aiki, sauran kuma fomula da launi su ɗauke.

Tushen abin shi ne cewa a wurin Excel kwanan wata lamba ce kawai da aka sa wa riga. Ranar 1 ga Janairun 1900 ita ce lamba 1, kowace rana kuma tana ƙara ɗaya, har aka kai ga cewa 5 ga Janairun 2026 ita ce 46027. Saboda haka ana iya ƙara kwanaki a kan kwanan wata, ana iya cire su, ana kuma iya tambayar wace rana ce ta riga wata, kamar yadda ake yi da kowace lamba.

A ɗauki misalin ginin ƙaramin shago mai ayyuka biyar: haƙa fandisho kwana 3, zuba kankare kwana 2, jera bulo kwana 6, rufin kwano kwana 4, filasta kwana 5. Za a fara ranar Litinin, 5 ga Janairun 2026. Sunayen ayyukan suna shiga layin tsaye na A, daga A2 zuwa A6. Layin B na ranar farawa ne, C na yawan kwanaki, D kuma na ranar gamawa. A cikin B2 kaɗai ake rubuta kwanan wata da hannu. Ranar gamawa a D2 fomula ce:

```
=B2+C2-1
```

Wannan ɗayan da aka cire a ƙarshe yana da dalili, kuma nan ne da yawa suke tuntuɓe. Aikin kwana uku da aka fara ranar 5 yana cin ranakun 5 da 6 da 7. Idan aka tara 5 da 3 kawai za a samu 8, wato an ba leburori kwana ɗaya da ba su nema ba. In kuma aiki na gaba yana tashi ne washegarin gamawar na baya, kuskuren yana taruwa, ayyuka biyar su ci kwana biyar na banza. Ranar fara aiki na biyu, a B3, ita ce `=D2+1`, sai a ja fomulolin biyu zuwa ƙasa. Da wannan lissafi kwana 20 na aikin suna ƙarewa ranar 24 ga Janairu.

Sai dai lissafin ya ɗauka magina ba sa hutu. In har ma'aikatan wannan shago ba sa fitowa ranar Juma'a, dole fomular ta san da haka. Tun daga Excel na 2010 akwai `WORKDAY.INTL`, wadda ke ƙirga ranakun aiki zalla tana tsallake ranakun da aka gaya mata. Ana gaya mata ne da jerin lambobi bakwai, daga Litinin zuwa Lahadi, inda 1 ke nufin hutu, 0 kuma aiki. Juma'a ce ta biyar a jerin, don haka D2 da B3 suna komawa haka:

```
=WORKDAY.INTL(B2-1,C2,"0000100")
=WORKDAY.INTL(D2,1,"0000100")
```

An cire ɗaya daga B2 ne domin fomular tana fara ƙirga daga washegarin ranar da aka ba ta. Yanzu zuba kankare da ya fara Alhamis 8 ga wata zai tsallake Juma'a ya ƙare Asabar 10. Bulo zai ɗauki 11 zuwa 17, rufi 18 zuwa 21, filasta 22 zuwa 27. Juma'o'i uku sun faɗo a tsakani, sai ƙarshen aiki ya matsa daga 24 zuwa 27. Fomular tana kuma karɓar abu na huɗu, wato jerin ranakun hutu na musamman irin na Sallah, waɗanda ake rubutawa a wani gefe a nuna mata inda suke.

Daga nan sai fagen zanen. A F1 ana sa `=MIN(B2:B6)` domin jadawalin ya tashi daga ranar da ta fi kowace wuri, a G1 kuma `=F1+1`, a ja zuwa dama har AJ1, wanda ya ba da kwana 31. Ana rage faɗin waɗannan layuka sosai, a kuma sa kwanan wata ya riƙa nuna lambar rana kaɗai, ta hanyar rubuta `d` a tsarin `Custom` na lambobi. Akwatunan da ke ƙasa, daga F2 zuwa AJ6, haka ake barin su babu ko harafi a ciki.

Launin yana zuwa ne daga abin da Excel ke kira `Conditional Formatting`, wato canza kamannin akwati bisa wani sharaɗi. Ana zaɓar fagen gaba ɗaya, a fara daga F2 a ja zuwa AJ6, a shiga `Home`, sannan `Conditional Formatting`, `New Rule`, a zaɓi `Use a formula to determine which cells to format`. A Google Sheets ana samun sa a ƙarƙashin `Format`, a zaɓin `Custom formula is`. Sharaɗin layi ɗaya ne:

```
=AND(F$1>=$B2,F$1<=$D2)
```

Sai a zaɓi launin cika akwati, misali kore. Abin da ke faruwa shi ne kowane ɗaya daga akwatuna 155 na fagen yana yi wa kansa tambaya guda: ranar da ke samana ta kai ranar fara aikin da ke layina, kuma ba ta wuce ranar gama shi ba? Akwatin H2 yana ƙarƙashin 7 ga Janairu a layin fandisho, amsarsa i ce, sai ya koma kore. Maƙwabcinsa I2 yana ƙarƙashin 8 ga wata, fandisho ya ƙare, sai ya zauna fari. Amma I3 da ke ƙasansa kore ne, domin ranar 8 ce aka fara kankare. Abin da ido ke gani kamar doguwar sanda akwatuna ne maƙwabta da amsarsu ta zo ɗaya.

Alamar dala ce ke riƙe da wannan tsari. An rubuta sharaɗin ne da idon akwatin farko, F2, Excel kuma yana matsar da shi zuwa kowane akwati kamar yadda yake yi in an ja fomula. A `F$1` dalar ta ɗaure lambar 1, don haka ko wane akwati yana duban layin kwanaki na can sama, amma harafin yana sauyawa yayin da ake tafiya dama. A `$B2` harafin aka ɗaure, lambar kuma tana sauka tare da ayyuka. In aka saki B babu dala, akwatin G2 zai je neman ranar farawa a C2, inda yawan kwanaki yake. In kuma aka ɗaure duka biyu aka rubuta `$B$2` da `$D$2`, abin da Excel kan yi da kansa idan an danna akwatin da linzami maimakon a rubuta, to duk ayyuka biyar za su kwafi zanen fandisho. Ganin zanuka masu tsawo ɗaya a jere daidai da juna alama ce ta wannan kuskure. Idan kuma zanen kowane aiki ya faɗa layin maƙwabcinsa, yawanci an rubuta sharaɗin don layi na 2 alhali fagen da aka zaɓa ya fara daga wani layi dabam.

Ana iya ƙara sharuɗɗa biyu masu amfani a kan wannan fage. `=WEEKDAY(F$1)=6` yana shafa wa Juma'o'i launin toka, domin a ƙirgan wannan fomula Lahadi ce 1, Juma'a 6. `=F$1=TODAY()` kuma yana haska layin ranar yau, wanda ke matsawa da kansa kowace safiya. Idan sharuɗɗa biyu suka yi karo a kan launin akwati ɗaya, wanda ke sama a jerin `Manage Rules` shi ke rinjaye. Don haka sharaɗin Juma'a ya kamata ya hau kan na kore, in ba haka ba zanen kankare zai nuna kwana uku a jere alhali biyu ake aiki.

Amfanin wahalar yana fitowa ne ranar da abu ya lalace. A ce siminti ya makara, jera bulo ya koma kwana 9. Lamba ɗaya ake canzawa, a C4. Bulo ya ƙare 20 ga wata, rufi ya ɗauki 21 zuwa 25, filasta 26 zuwa 31. Jinkirin kwana uku ya zama na kwana huɗu a kalanda, saboda filasta ta afka wa Juma'ar 30 ga wata da a baya ba ta kai gare ta ba. Mai lissafi da ka zai iya mance wannan rana.

Kurakuran da suka fi wahalar ganowa biyu ne, kuma tushensu ɗaya: a wurin Excel rubutu ya fi kowace lamba girma. Idan kwanan wata ya shiga B2 a matsayin rubutu, zanen wannan aiki yana ɓacewa gaba ɗaya, domin babu ranar da za ta kai shi. Abin ruɗin shi ne D2 na iya fitowa daidai, tunda cire ɗaya yana tilasta wa rubutun zama lamba. Kwanan wata na gaske yana jingina dama a akwati, rubutu kuma hagu, sannan `=ISNUMBER(B2)` yana raba gardama. Na biyun kishiyar wannan ne. In an tanadi layukan da babu aiki a cikinsu tukuna, kuma fomular D tana mayar da `""` don kada a ga tarkace, layin kaf yana cika da kore, saboda B da ba komai ana ɗaukar sa sifili, `""` kuma rubutu ne. Maganin shi ne a ƙara `$B2<>""` a cikin `AND`. Akwai kuma kwamfutar da aka saita a tsarin Amurka, wadda ke karanta 5/1/2026 a matsayin 1 ga Mayu. Masu amfani da Excel na Faransanci, kamar a Nijar, za su rubuta `ET` a wurin `AND`, `AUJOURDHUI` a wurin `TODAY`, su kuma raba sassan fomula da `;`.

Aikin da ya kai wata shida ba zai shiga allo ba in kowace rana tana da nata layi. A nan G1 yana komawa `=F1+7`, kowane akwati ya zama mako guda, amma dole sharaɗin ma ya sauya, domin aikin kwana biyu da ya faɗo tsakanin Litinin da Litinin ba zai fito ba sam. Sabuwar tambayar ita ce ko makon da aikin sun haɗu ko da a rana ɗaya:

```
=AND(F$1<=$D2,F$1+6>=$B2)
```

Irin wannan jadawali bai san wane aiki ne ke jiran wane ba, sai abin da aka ɗaura masa da fomula a layin B. In za a fara aikin wayar lantarki tare da rufi, ranar farawarsa ana ɗaura ta ne a kan gama bulo. In kuma fenti sai ya jira filasta da ƙofofi duka biyu, ana amfani da `MAX` a ɗauki wanda ya fi jinkiri a cikinsu. Babu kibiyoyin da ke nuna waɗannan alaƙoƙi a kan zanen, kuma ba ya gargaɗi idan an ba magini ɗaya ayyuka biyu a rana guda. Ayyuka ashirin ko talatin suna tafiya lafiya a cikinsa. Idan suka kai ɗaruruwa masu dogaro da juna, kamar a ginin gada ko asibiti, kamfanonin gine-gine sukan koma ga manhajoji irin su Microsoft Project da Primavera, waɗanda ke lissafa da kansu wane jerin ayyuka ne jinkirinsa zai ja ƙarshen aikin gaba ɗaya.