Kwana Nawa Naira Take Yi a Waje Kafin Ta Dawo Hannun Dila?

Da hantsi na iske Alhaji zaune a kan benci a ƙofar sitonsa da ke Kasuwar Singa a Kano. Bayansa katan-katan na taliya da sabulu da man girki sun kusa taɓo rufi, 'yan dako suna ta shiga da fita da buhunan sukari. Duk wanda ya wuce zai ce wannan bawan Allah ya gama haɗa kansa da arziki. Amma wayarsa ce a hannunsa, yana bin lambobin mutanen da yake bi bashi ɗaya bayan ɗaya, domin gobe ne wa'adin biyan kuɗin tirelar da aka sauke masa, kuma abin da ke asusunsa bai kai rabi ba.

"Malam, ciniki kam alhamdu lillahi," in ji shi. "Kuma ba faɗuwa nake yi ba. To ina kuɗin suke shiga?"

Kuɗin suna nan, tafiya suka yi. Akantoci suna da ma'aunin wannan tafiya, suna kiransa zagayen juyawar kuɗi, kuma da kwanaki ake auna shi. Tambayar da yake amsawa guda ce: daga ranar da naira ta fita hannun ɗan kasuwa ta zama kaya, kwana nawa take yi kafin ta dawo masa tsabarta? Dila, wato mai sayar da kaya a kan sari, ya fi kowa buƙatar amsar, saboda ribarsa a kan kowane katan 'yar ƙanƙanuwa ce, yawan juyi ne yake ciyar da shi.

Zan yi amfani da lissafi irin na Alhaji, amma na daidaita alƙaluman don su yi sauƙin bi. A ce in an raba cinikin shekara gida 365, kullum kayan da ya saro a kan naira miliyan 1 ne suke fita daga sitonsa, yana sayar da su miliyan 1 da dubu 50. Ribarsa dubu 50 ke nan a rana, kafin a cire kuɗin haya da na dako da na yaran shago.

Zangon farko shi ne zaman kaya a sito. Aka ƙirga abin da ke ciki a kan farashin sari, aka samu na miliyan 30. Tunda na miliyan 1 ke fita a rana, sai an yi kwana 30 kafin wannan tulin ya ƙare. Kwanakin kaya ke nan: darajar abin da ke sito, a raba da kuɗin sarin abin da ake sayarwa a rana guda. A nan mutane da yawa suke yin kuskure, su ƙiyasta sito da farashin sayarwa, su raba da farashin sari. Dole ma'aunin ya zama ɗaya a sama da ƙasa.

Kayan sun fita, amma kuɗin ba su shigo ba tukuna. Mai kanti daga Wudil ya yi lodi ya ce sai ya sayar zai turo, na Daura ya ba da rabi ya ce ciko sai wani zuwan. Da aka tara littafin bashi, miliyan 21 ne a hannun mutane. A raba da cinikin rana, wato miliyan 1 da dubu 50, ya ba da kwana 20. Wannan karon da farashin sayarwa ake rabawa, domin da shi aka rubuta bashin. Kwana 30 a sito da kwana 20 a hannun abokan ciniki, naira ta yi kwana 50 a waje.

Abin da yake rage nauyin shi ne Alhaji ma ana bin sa. Hausawa suka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Kamfanoni da manyan dilolin da suke ba shi kaya suna bin sa miliyan 12, wato kuɗin sarin kwana 12. A cikin waɗannan kwanaki da dukiyar wasu yake juyawa. Sai a cire 12 daga 50, saura 38. Naira ta Alhaji tana yin kwana 38 kafin ta dawo gida, kuma tunda kowace rana tana cin miliyan 1, jarinsa na miliyan 38 yana ɗaure a kan hanya a kowane lokaci. Ba zai iya taɓa shi ba muddin shagon yana buɗe, domin da wata naira ta dawo, wata ta riga ta fita.

Da ya ga wannan adadi ya yi shiru, sannan ya ce ai shi bara bai san wannan matsi ba, bana ne da kasuwa ta buɗe masa abin ya taso. Gaskiya ya faɗa, kuma a ganina wannan ne wurin da ya fi cancanta a tsaya a kai. A ce ciniki ya ƙaru da rabi, kayan miliyan 1 da rabi ke fita a rana. Idan kwanakin suna nan a 38, jarin da zai kwanta a hanya ya koma miliyan 57. Ƙarin miliyan 19 ke nan da dole a samo daga wani wuri. Ribarsa ta shekara guda cur a tsohon ciniki, dubu 50 sau 365, miliyan 18 da dubu 250 ce, kuma daga ciki ake ci da sha da biyan haya. Ashe bunƙasar ciniki tana iya shanye ribar shekara ta nemi ƙari. Shi ya sa ake ganin mutum yana tsakiyar tashe, motoci na layi a ƙofarsa, kwatsam a ji ya kasa biyan kamfani. Mutane su yi ta zargin yaran shago ko almubazzaranci, alhali sau da yawa ba a ɗauki ko sisi ba.

Hauhawar farashi ma haka take yi, ba tare da an ƙara sayar da ko katan ɗaya ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi a Nijeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. Idan kuɗin sari ya tashi da kashi 30, zagayen da miliyan 38 take riƙewa sai ya nemi miliyan 49 da dubu 400. Bashin da ka bayar a tsohon farashi kuma, ranar da aka biya ka ba zai sayo maka adadin buhunan da ka bayar ba. Mai cike giɓin da rancen banki yana da tasa wahalar, domin a ƙarshen wannan shekarar Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuwa sama da haka suke ba da rance. A kan kashi 30 a shekara, jinkirin wata guda yana cin kusan kashi 2 da rabi na kuɗin kayan, rabin ribar Alhaji ke nan. Wanda yake gudun riba bai taɓa zuwa banki ba, shi ma yana asarar juyin da kuɗin za su yi da suna hannunsa.

Akwai wani abu da littattafan lissafin kasuwanci ba su cika kawowa ba, amma dilolinmu sun san shi sarai. Wasu kamfanonin ba sa ba da kaya bashi ko na kwana ɗaya. Kai za ka fara zuba kuɗi a asusunsu, sannan ka bi layin lodi. Idan mako guda ake yi tsakanin biya da saukar mota, kwana 12 ɗin da ake cirewa sun tafi, an kuma ɗora 7 a sama. Zagayen Alhaji sai ya tashi daga 38 ya koma 57, ko da bai canza komai a shagonsa ba.

Sai dai kada a riƙe waɗannan alƙaluma kamar an gama magana, domin matsakaici yana ɓoye ciwo. Kwana 30 na sito haɗin gambiza ne. Sukari da taliya ba sa wuce kwana 10, amma can lungu akwai wani lemon kwalba da aka saro don an yi rangwame, ya yi wata uku yana kwantai, ƙura ta rufe ledarsa, ranar lalacewarsa tana matsowa. Rangwamen kashi 3 a kan kayan da za su yi kwana 90 a ajiye ba riba ba ce. Haka littafin bashi. Da muka rarraba shi gwargwadon tsufansa, miliyan 15 na mutanen da suke biya cikin mako biyu ne, miliyan 6 kuwa sun haura kwana 60, kuma yawancinsu a hannun mutum huɗu suke. Ɗayansu ɗan uwa ne, shi ya sa aka daɗe ana kau da kai. Alamar da ake gane irin wannan bashi ba ta da wuya: mutum ya kawo kaɗan ya ɗauki mai yawa, ko ya daina zuwa da kansa ya koma aiko yaro, ko a hango shi yana sayayya da kuɗi hannu a wani layin.

Ranar ƙirga ma tana da tasiri. Wanda ya auna sitonsa ana saura mako biyu azumi, lokacin da ya cika shi da sukari da madara, zai ga kwanaki sun yi yawa. Wanda ya auna bayan salla zai ga kamar komai lafiya. Gara a riƙa ƙirgawa ƙarshen kowane wata, a duba inda adadin ya dosa.

Daga cikin zangon nan uku, jinkirta biyan masu kaya shi ne ya fi saurin jan hankali, domin a takarda yana rage zagayen nan take. Ni ban ba Alhaji wannan shawara ba. Neman ƙarin wa'adi a fili, a zauna a yi yarjejeniya, daidai ne. Amma saɓa wa'adin da aka riga aka yi yana jawo a mayar da kai layin masu biya kafin lodi, ka ga an gudu ba a tsira ba. A kasuwar da ake ba da kayan miliyoyi a kan magana kawai, sunan mutum yana cikin jarinsa. Rage kaya fiye da kima shi ma yana da haɗari, domin mai kantin da ya zo sau biyu bai samu sukari ba zai koma maƙwabci, ya kuma sayi sauran kayansa a can.

Abin da Alhaji ya zaɓa bai da wani ƙyale-ƙyale. Ya karya farashin lemon da sauran kayan kwantai ya rabu da su, ya koma saro masu tafiyar hawainiya kaɗan-kaɗan, sito ya sauko zuwa kwana 24. Ya kafa ƙa'ida cewa ba sabon lodi sai an share tsohon bashi, ya kuma je da ƙafarsa wurin mutum huɗun nan aka tsara biya duk mako, kwanakin bashi suka sauko zuwa 14. Kwana 12 ya rage, zagayen ya koma 26, kuɗi kusan miliyan 12 suka dawo hannunsa ba tare da ya ranci ko kwabo ba. Biyu daga cikin abokan cinikinsa sun yi fushi sun koma wani shagon. Ɗan uwan nan kuwa har yanzu da sauran miliyan ɗaya a wurinsa, Alhaji ya cire ta daga littafin kasuwa ya rubuta ta a wani shafi daban.