Tafiyar Saƙo Daga Burauza Zuwa Uwar Garke

Da zarar mutum ya rubuta `ha.wikipedia.org` a burauza ya latsa, aikin farko shi ne neman lamba, domin na'urorin intanet da lambar IP suke gane juna. Burauza kan duba ma'ajiyarta tukuna. Idan babu, sai ta tambayi tsarin DNS, wanda ke bin sawu daga tushe zuwa masu riƙe da `.org`, har ya kai ga masu riƙe da sunan Wikipedia. Idan sunan da aka rubuta babu shi, nan tafiya ke tsayawa, Chrome ya nuna `DNS_PROBE_FINISHED_NXDOMAIN`.

Lamba na samuwa, sai tsarin TCP ya yi sallama a ƙofa mai lamba 443 ta uwar garke. Saƙo uku ake musaya: na'ura ta nemi haɗuwa, uwar garke ta amsa, na'ura ta tabbatar. Daga nan TLS ya karɓi aiki. Uwar garke ta miƙa takardar shaidarta, burauza ta duba sunan da ke kanta da wa'adinta, sannan su biyu su ƙulla makullin sirri. Shi ya sa agogon waya da ya ɓata kan jawo gargaɗin tsaro alhali shafin lafiya lau yake.

Sai yanzu ainihin buƙatar ke fita, kuma ba ta da tsawo:

```
GET /wiki/Kano HTTP/1.1
Host: ha.wikipedia.org
```

Kafin ta bar na'ura ana naɗe ta hawa-hawa, kamar wasiƙa cikin ambulan, ambulan cikin buhu. TCP ya sa lambar ƙofa da lambar jeri, IP ya sa adireshin mai aikawa da na mai karɓa, Wi-Fi kuma ya sa adireshin MAC na rautar gida. Wannan naɗi na waje zango ɗaya kawai yake yi. Kowace rauta kan cire shi, ta karanta adireshin IP, ta zaɓi hanya ta gaba, ta sake naɗewa. Daga Kano, saƙon da zai ƙetare zuwa Turai yakan bi wayoyin faiba zuwa Legas, ya shiga na ƙarƙashin teku.

Nisan nan ne ke cin lokaci. A ce zuwa da dawowa na ɗaukar milisakan 150. TCP zai ci zagaye ɗaya, TLS 1.3 ɗaya, buƙatar kanta ɗaya: milisakan 450 ke nan kafin harafin farko ya iso, komai ƙarfin datar mai waya.

Amsa kan dawo a gutsattsare, galibi kowane ƙunshi bai wuce bayit 1,500 ba. TCP ya jera su, wanda ya ɓace a sake aiko shi. Burauza ta karanta HTML, ta aika sababbin buƙatu na hotuna da tsarin ado, sannan ta zana shafi. Lambar `200` na nufin an samu abin da aka nema. Lambar `404` kuwa na nufin saƙo ya isa har an amsa, shafin ne kawai babu, don haka sake kunna rauta ba zai kawo shi ba.